Lissafin ƙasar da aka haƙa a kududdufin kifi bai zo daidai ba

Mai Kifi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. An haƙa min kududdufi, bakinsa mita 30 da mita 20, zurfi mita 1.5. An ɗau awon filin da diron kafin aiki da kuma bayan aiki, na sa su a manhajar taswira ta QGIS na cire ɗaya daga ɗaya sai ya ban kubik mita 813, shi kuma mai katafila ya ce 900 zan biya shi. Wanne ne gaskiya don Allah?

Safiyo: Wa alaikumus salam Malam. Shi mai katafila 30 sau 20 sau 1.5 kawai ya buga, kamar bangon a miƙe yake tsaye. Ya gangaren gefen yake?

Mai Kifi: Duk mita 1 na zurfi ana shiga ciki mita 2.

Safiyo: To kowane gefe ya ci mita 3 kenan, gindin ya koma 24 da 14, faɗinsa 336. A rabin zurfi 27 da 17 ne, wato 459. Haɗa 600 na sama da 336 na gindi da 459 sau huɗu, ka raba gida shida, zai ba ka 462, ka buga da 1.5 ka samu 693. In dai filin a shimfiɗe yake, kusa da nan ya kamata QGIS ya sauka, don haka naka 813 ɗin ma ya yi yawa da 120.

Ɗalibi: Yallabai me zai hana ya sauke SRTM, awon tsayin ƙasa da aka ɗauka daga sararin samaniya, ya gwada da shi, ai kyauta ne

Safiyo: A'a ƙanena, fiksel ɗaya na SRTM wajen mita 30 ne, ya haɗiye kududdufin gaba ɗaya, kuma a shekarar 2000 aka ɗauke shi, kuskuren tsayinsa ma ya kan kai mitoci. Malam Mai Kifi raba 120 ɗin nan da 600, za ka ga 0.20. Ina zargin hoton farko ya fi na biyu tsayi da santimita 20 a ko'ina. Buɗe Raster Calculator ka sa

```
"bayan@1" - "kafin@1"
```

sai ka ɗau Identify Features ka dinga taɓa wuraren da katafila ba ta taka ba. Ya kamata ka ga kusan sifili, in kana ganin -0.20 to ga ɓarawon nan.

Injiniyar Hanya: Ni a aikin titi ba ma wahalar da kanmu, mu kan haɗa jimillar bambancin mu buga da tsawon fiksel sau faɗinsa shi ke nan, in dai duka biyun suna kan UTM ɗaya, wato tsarin taswira mai awo da mita, da girman fiksel ɗaya.

Safiyo: Maganar UTM da fiksel haka take Hajiya, in taswirar na digiri ne lissafin ba zai fito da kubik mita ba. Amma jimilla ɗaya tana da haɗari, saboda haƙa na zuwa da alamar ragi, ciko kuma da ƙari, sai su cinye juna. In an jibge ƙasar a bakin kududdufin aka yi ganuwa za ka iya ganin kusan sifili alhali an yi aikin kwana da kwanaki. Malam Mai Kifi ya yi amfani da Raster surface volume a kan taswirar bambancin, Base level ya zama 0, ya fara da Count Only Below Base Level ya samu haƙa, sannan Count Only Above Base Level ya samu ciko, kowanne daban.

Mai Kifi: Na duba yanzu. Gefen gabas inda aka share ciyawa amma ba a haƙa ba ina ganin -0.18 zuwa -0.23, amma a kan daɓen siminti na ɗakin famfo -0.02 ne kacal.

Safiyo: Madalla, to ba turken awo ne ya goce ba, da shi ne da daɓen ma ya nuna -0.20. Ciyawa ce. Diron hoto yake ɗauka, kan ciyawa ya gani a zuwan farko ya ɗauka ƙasa ce. Matsalar ita ce ciyawa ba tsayi ɗaya take ba, cire 0.20 daga ko'ina kintace ne. In akwai wanda ya harba wasu wurare da lebur kafin a fara, a nemo takardar a gina shimfiɗar farko da su. Kuma ka tabbata ba ruwa a ciki ranar ɗauka ta biyu, don ruwa na ɓoye gindin, lissafi ya ragu.

Injiniyar Hanya: Amma fa a yi wa mai katafila adalci, ƙasa in an haƙo ta kumbura take. Ka ƙara kashi 25 cikin ɗari kan 693 ka ga ya haura 860, in da tifa ya ƙirga bai yi nisa ba.

Safiyo: Kumburin ya danganta da irin ƙasar, yashi bai kai laka ba, ba zan yarda da 25 ba sai an gwada. A haƙa ɗan rami mita 1 da mita 1 da rabin mita a auna abin da ya fito da bokiti. Malam, a yarjejeniyarku ramin za a auna ko tifa za a ƙirga?

Mai Kifi: Kubik mita kawai muka rubuta wallahi, ba mu fayyace ba. Bari in nemi yaron da ya riƙe lebur ɗin tukuna.