Taswirar Karnaugh mai gidajen X: amsa biyu ta fito mana, wacce za mu ɗauka?

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Don Allah a duba min wannan, tun jiya muke ja-in-ja da abokin karatuna a Kabuga.

```
F(A,B,C,D) = Σm(1,3,7,11,15) + d(0,2,5)
```

Gidajen 0, 2 da 5 su ne X, wato haɗin da aka ce ba zai taɓa shigowa ba, ko 1 ya fito ko 0 duk ɗaya ne. Rukunin farko ba gardama: 3, 7, 11, 15 sun ba mu `CD`. Saura gida na 1 kaɗai.

Ni na haɗa shi da 0, 2, 3, na samu `CD + A'B'`. Shi kuma ya haɗa shi da 3, 5, 7, ya samu `CD + A'D`. Kowanne rukunin huɗu ne, tsawon amsar ma ɗaya. Amma da muka gwada `0000`, tawa ta ba da 1, tasa 0. A `0101` kuma aka juya.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, da na zagaye sifilai maimakon ɗaya-ɗaya, sai `D(A' + C)` ta fito, wadda tasa ce sak idan an buɗe baka.

Shin duka biyun daidai ne, tunda a gidajen X kawai suka saɓa? In haka ne, da me ake zaɓa? Ni dai ina ganin tasa ta fi sauƙin haɗawa, `NOT` ɗaya take buƙata, tawa biyu. Kuma in wata rana `0000` ta shigo lokacin kunna wuta, ba za mu ga ta kanmu da tawa ba?