Banki ya dawo da fayil ɗin albashinmu saboda lambobin asusu huɗu

Assalamu alaikum. Ni ke haɗa albashi a wata makarantar kuɗi a nan Katsina, ma'aikata 63. Na ɗora fayil ɗin CSV a shafin banki, sai ya dawo da shi gaba ɗaya, ya rubuta "Invalid account number" a kan layuka huɗu. Ko mutum ɗaya bai samu kuɗinsa ba, ga wata ya riga ya ƙare, malamai sai kirana suke yi.

Uku na gano matsalarsu. Lambar asusun banki, wato NUBAN, guda 10 ce, su kuwa nasu sun koma 9, domin da sifili suka fara, Excel kuma ya cinye shi. Na mayar da ginshiƙin zuwa Text, na sake rubuta sifilin, na adana. Amma da zarar na sake buɗe fayil ɗin a Excel, sai in ga sifilin ya sake ɓacewa. Idan na duba a Notepad na ga sifilin yana nan, ya isa in ɗora?

Na huɗun ne ya fi ɗaure mini kai. Lambar maigadinmu ce, 10 cif, na gwada ta a manhajar waya sunansa ya fito. Na san lambar ƙarshe ta tantancewa ce, kuma da lambar banki ake lissafa ta. Ko lambar bankinsa na masu ƙaramin ƙarfi ce ba daidai ba a layin?

Don Allah, wanda ya saba, in cire layinsa in tura sauran 62 yau, ko sai an gyara jimillar kuɗin da ke kan fayil ɗin tukuna? Na gode.