Kwana 10 shiru bayan intabiyu, me zan rubuta mata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi intabiyu, matar da ke ɗaukar ma'aikata ta ce zan ji sakamako cikin mako guda, yau kwana 10 shiru. Na rubuta imel mai layi 15, na fara da "Respected Madam, I am begging you", amma na kasa turawa. Turancina bai nuna ba. Ina tsoron in yi rashin ladabi, ko in zama kamar mai bara.

Wata mai tace takardun neman aiki: Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da ba ka tura ba. Da Hausa ka yi tunanin, shi ya sa roƙon ya yi maka daɗi a kunne, amma ita abin da za ta gani shi ne mutumin da bai yarda da kansa ba. Koma kan imel ɗinta na ƙarshe ka danna Reply, don ta ga tarihin maganarku ba sai ta nema ba. Ka kira ta da sunan da ta sa a ƙasan saƙonta, sannan jimla uku:

```
Thank you for the interview on [date] for the [job title] role.
Could you let me know if there is any update?
I remain very interested.
```

Ladabin yana cikin "Could you", domin ya mayar da buƙatarka tambaya, ya bar mata zaɓi. Kwanan wata da sunan aikin kuwa dole ne, don wataƙila gurabe da yawa take cikewa a lokaci guda. Kafin ka tura, karanta layi biyu na farko kaɗai. In ba su nuna ko kai wanene da abin da kake so ba, sake rubutawa.

Wani ɗan'uwa: Gaskiya ne, a gajarce. Sai dai ka rufe da "kindly revert", ya fi nuna girmamawa.

Mai tace takardu: Malam, a nan ban bi ka ba. Ga Bature da yawa "revert" komawa yadda abu yake a da ne, "kindly" kuma wani yakan ji shi kamar umarnin ofis. In mai tambaya bai san ƙasar da matar take ba, "please" ya wadatar.

Wata 'yar'uwa: Ni na taɓa haɗawa da ban haƙuri kan raunin Turancina. Da aka kira ni, tambayar farko ita ce ko zan iya rubuta rahoto. Har yau abin yana ci mini rai. Kada ka ambata, ɗan'uwa.

Mai tambaya: Na gode Yaya, na tura yadda kika ce. In ta sake yin shiru fa?

Wani ɗan'uwa: Bayan kwana 3 ka sake taɓa ta.

Mai tace takardu: Ni mako guda zan jira, in tura ɗaya tak, in ci gaba da neman wani wurin. Sau da yawa ita ma jiran manajan da zai yanke hukunci take yi.