Neman kalma: matakan zaɓen bincike a zanen PRISMA

Hadiza: Assalamu alaikum malamaina. Ran Litinin zan koyar da ɗaliban kiwon lafiya nan Zinder yadda ake tsara rahoton bitar bincike, kuma da Hausa zan yi bayanin. Matakan huɗu ne a zanen PRISMA, wato zanen da ke nuna yadda aka zaɓo binciken da rahoton ya ƙunsa: `Identification`, `Screening`, `Eligibility`, `Included`. Na farko na sa "ganowa", na ƙarshe "shigarwa". Na tsakiya biyun duk "tantancewa" ke zo mini a baki. A taimaka.

Laminu: Wa alaikumus salam. Na biyun ai gwaji ne, kamar yadda muke auna damtsen yara don gano tamowa. Ki sa "gwajin farko".

Dokta Isufu: A'a Laminu, wancan na asibiti ne, nan takardu ake zaɓe. Malama Hadiza, dole ki raba su, don aikin ba ɗaya ba ne. A mataki na biyu take da taƙaitaccen bayani kawai ake dubawa, a zubar da abin da a fili bai shafi tambayar ba, kuma jimillar waɗanda aka zubar ta isa. A na uku ana karanta maƙala daga farko har ƙarshe, a gwada ta da sharuɗɗan da aka rubuta tun kafin a fara nema, kuma duk wadda aka fitar sai an faɗi dalili. Ni "tacewa" nake cewa a na biyu, "auna cancanta" a na uku.

Malam Mamman Sani: Dokta, da girmamawa, me ya kai mu nesa? Tankaɗe da rairaya. Kowace ɗiyar Damagaram ta san su. Tankaɗe na biyu, rairaya na uku. "Cancanta" Hausar rediyo ce da jaridun Kano.

Zuwaira: Malam, cancanta Hausa ce tsantsa, ba ta kowa ba ce. Kuma rairaya ba ta gaya wa ɗalibi cewa akwai sharaɗi a rubuce. Ni ma dai gardamar ban ga amfaninta ba, tunda PRISMA ta 2020 ta soke mataki na uku. Huɗun na 2009 ne.

Dokta Isufu: Sunan aka cire daga gefen zane, Zuwaira, aikin yana nan. An mai da shi ƙarƙashin `Screening`, akwatinsa `Reports assessed for eligibility`. Kuma abin da ya fi damuna shi ne abin da ake ƙirgawa, don yana sauyawa a hanya. A ce tambayar a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne da ake ba yara da damina. An nema a PubMed da AJOL, rumbunan maƙalolin bincike a intanet, an sami 640. Waɗannan shigarwa ce kawai a rumbu, ba a ga takarda ba tukuna. An cire maimai 140, saura 500 a tace. An zubar da 430, aka nemi cikakkun maƙaloli 70, guda 6 ba su samu ba. Su ma shidan akwatinsu daban, kada a cusa su cikin waɗanda ba su cancanta ba, tunda ba wanda ya karanta su. Cikin 64 da aka karanta an fitar da 46, kowace da dalili guda ɗaya, kamar shekarun yaran ba su dace ba ko ba a auna kamuwa da zazzaɓi ba. In ka ba maƙala ɗaya dalili biyu, jimillar dalilai za ta wuce 46, mai dubawa kuwa nan zai fara kama ka. Saura 18. To amma in bincike uku kowanne an buga shi a maƙala biyu, maƙaloli 18 ne, bincike 15. Wanda ya rubuta 18 a matsayin bincike ya ƙirga yaran wasu garuruwa sau biyu.

Hadiza: To ashe "shigarwa" ma ta ci karo, tunda ka yi amfani da ita ga abin da ke cikin rumbu.

Zuwaira: Bar wa mataki na ƙarshe "waɗanda aka ɗauka". Na rumbu a ce "bayani", sai "maƙala", sai "bincike".

Malam Mamman Sani: Maƙala Larabci ce. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, har yanzu aro za mu riƙa yi? In ba mu ƙirƙira daga nan ba, sai mu zauna jiran abin da aka yanke a wani gari.

Laminu: Malam, "darasi" da "littafi" fa? Su ma daga can suka zo, kuma da su kake koyarwa.

Malam Mamman Sani: Waɗannan sun tsufa a bakinmu. Na bar muku tacewa, tunda kun taru a kanta. Amma "ganowa" ban yarda ba. Ba a gano komai ba a wannan mataki, tattarowa aka yi, har da tarkace.

Dokta Isufu: Nan kam ina tare da Malam. Sai dai "zaƙulowa" ta fi kama waɗanda ake samu ta bin jerin madogarar wasu maƙaloli, da kundayen ɗalibai da ke ajiye a Jami'ar André Salifou, waɗanda zanen 2020 ya ba layinsu daban.

Hadiza: Na gode. Zan sa tattarowa, tacewa, auna cancanta, waɗanda aka ɗauka, da sunan asali a gefen kowanne. "Bayani" kam bai kwanta mini ba, don taƙaitaccen bayani ma bayani ne. Wanda ke da wata kalma ya turo kafin daren Lahadi.