Lissafi biyu sun rikita ni a kan faifai mai juyawa

Ɗaliba daga Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ina shirin JAMB, wani abu ya ɗaure min kai. A lissafin a = v²/r kamar akselareshan mai nufin tsakiya na raguwa in r, wato nisa daga tsakiya, ya ƙaru, a lissafin a = ω²r kuma ƙaruwa yake. A faifai ɗaya, bakin gefe ne ya fi ko kusa da tsakiya?

Ɗan aji shida, Kawo: Wa alaikumussalam. Ai faifan ɗaya ne, gudunsa ɗaya ko'ina. Ki ɗauki na farko, kusa da tsakiya ya fi.

Malamin fiziks, Unguwar Rimi: Ɗana, ka taɓo gaskiya amma ka sake ta. Abin da yake ɗaya ko'ina shi ne ω, wato saurin juyawa, domin kowane ɗigo yana gama zagaye lokaci guda. Amma v ba ɗaya ba ne. Ɗigon bakin gefe da'irarsa ta fi faɗi, dole ya fi sauri, shi ya sa v = ωr.

'Yata, ɗauki ƙaramar giranda ta masu walda, mai zagaye 11,000 a minti da faifai mai faɗin milimita 115. Fara da mayar da zagayen radiyan a daƙiƙa: 11,000 × 2π ÷ 60, kusan 1,152. A nan ɗalibaina suka fi faɗuwa, sai su zuba 11,000 kai tsaye. Sannan r rabin faɗin ne, a mita: 0.0575. Bakin gefe na gudun kusan mita 66 a daƙiƙa, akselareshan kuwa kusan 76,000 m/s². Matso rabin hanya zuwa tsakiya, v ya koma 33. Gwada v²/r yanzu: sama ya ragu sau huɗu, ƙasa sau biyu kacal, sai ki samu kusan 38,000, daidai da abin da ω²r zai ba ki. Bakin gefe ne ya fi.

Mai walda, Panteka: Malam, ashe abin da ya same ni ke nan. Na taɓa cire murfin ƙaramar giranda na ɗaura mata babban faifai na 230, ina kunnawa ya tarwatse, ɓarin ya yanke ni a dantse. Har yau tabon na nan.

Malamin fiziks: Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba. A wannan juyin bakinsa ya kai mita 132 a daƙiƙa, alhali 80 ake rubutawa a jikin irinsa. Don Allah kada ka sake cire murfin nan.

Ɗaliba: Na gode Malam. To yaushe v ke zama ɗaya?

Malamin fiziks: Dubi bel ɗin injin markaɗe. In ba ya zamewa, bakin ƙaramin fuli da na babba gudunsu ɗaya, ω ne ya bambanta. A can ƙaramin ne ya fi akselareshan.

Ɗan aji shida: To Malam, lokacin da aka kunna giranda tana ƙara gudu fa, har yanzu akselareshan tsakiya kawai yake nufa?