Filajil da 'yar kwalbar ɗaci: wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salama alaikum. Makon jiya dasashina ya kumbura, aka rubuta mini metronidazol, wato filajil, mai 400, sau uku a rana har kwana biyar. Ran na uku da daddare muna majalisa wani abokina ya miƙo mini 'yar kwalbar maganin ɗaci, wai na dattin ciki. Murfi biyu na sha. Ba a yi minti ashirin ba fuskata ta ɗau zafi har kunnuwa, ƙirjina na dukan tara-tara, kai na sara, sai amai a bakin kwata. Da safe na je kemis, tambayar farko da mutumin ya yi mini ita ce, "Ka sha giya?" Wallahi raina ya ɓaci. Ni da ban san ɗanɗanonta ba!

Baban Khalifa: Filajil ne kawai, ba ruwan kwalba. Ni duk sanda na sha shi bakina kamar na tsotsi ƙusa, zuciya na tashi, fitsari ya yi duhu. Ka riƙa cin abinci kafin ka haɗiya.

Anti Mai Magani: Baban Khalifa, ɗanɗanon ƙarfe da tashin zuciya da duhun fitsari duk halin maganin ne, ka yi gaskiya. Amma zafin fuska da bugun ƙirji farat ɗaya bayan kurɓar wani abu, wannan daban ne. Ƙanena, mai kemis bai zage ka ba. Da yawa daga magungunan ɗacin nan da barasa ake jiƙa saiwoyinsu. Juya kwalbar ka duba ko akwai alamar % kusa da kalmar alkohol ko etanol.

In barasa ta shiga jiki, hanta ba ta gama da ita a tashi ɗaya. Tana fara mai da ita wani sinadari mai guba, asetaldihayid, sannan ta sake narka shi ya koma abu mara illa dangin ruwan kal. In aikin na biyu ya tsaya, gubar sai ta taru. Ita ke buɗa ƙananan jijiyoyin jini na fata, shi ya sa fuska ke zafi, mai hasken fata ma ta yi ja. Jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu don ta cike gurbi, ciki ya murɗa, amai ya biyo. Akwai maganin da ake ba masu son barin giya, disalfiram, da gangan yake tare wannan mataki. Abin da ake gani da filajil ya yi kama da nasa, shi ya sa aka sa gargaɗin.

Wani daga Daura: Ku yi haƙuri, zan faɗi nawa ko da ba daɗin ji. Lokacin ina aikin mota a kudu, kafin Allah ya shirye ni, na sha kwalba biyu ina kan filajil. Ko gezau. Ni dai ina ganin tsoratarwa ce.

Anti Mai Magani: Allah ya ƙara shirya mu, Malam. Ba kai kaɗai ba ne, kuma masana kansu suna jayayya. An gwada a jikin masu lafiya ba a ga gubar ta ƙaru a jininsu ba, har wasu na ganin a hanji abin ke faruwa, ba a hanta ba. Sai dai babu mai iya gaya maka tun kafin ka sha ko kai wane iri ne. Ga kuma asara ta biyu: in ka amayar da ƙwayar jim kaɗan da haɗiya, ciwon da ake kora ya samu hutu ke nan. Ƙa'idar ita ce ba barasa duk tsawon shan maganin, da aƙalla awa 48 bayan ƙwayar ƙarshe. Wasu takardun ma kwana uku suka rubuta, don maganin ba ya barin jiki ranar da aka daina.

Maman Ummi: To Anti ni 'yata ce ke zawo tun jiya, na ba ta na ruwan, cokali nawa ya kamata?

Anti Mai Magani: Maman Ummi, yawancin zawon yara ba na filajil ba ne. Ruwan gishiri da sukari da zinki tukuna, ki kai ta a duba ta yau. Kuma ki lura, wasu magungunan tari na ruwa da na kurkure baki su ma suna da barasa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na karɓo kwalbar. Ba takarda a jikinta ko ɗaya, amma da na shinshina, warin sifirit ɗin allura ne sak. Anti, tsoro ya sa na bar sauran ƙwayoyin kwana biyu. In ci gaba?

Anti Mai Magani: Koma wurin wanda ya rubuta maka yau, ka gaya masa ranar da ka tsaya, ya duba dasashin. Ka tafi da kwalbar. Da a ce numfashi ya sarƙe ko ka ji za ka suma a wancan daren, asibiti ne kai tsaye, ba jiran safiya.

Baban Khalifa: To furar da ta kwana ta yi tsami fa? Don ni kullum da ita nake kora maganina.