Sikirinshot, sikirinshoti ko hoton allo?

Mai gyaran waya, Mabera: Jama'a ku kawo ɗauki. Sanarwa nika so in manna ga shago: duk wanda yat turo kuɗi ta waya, shi turo man shaida. Abin nan da waya ke rubutawa `Screenshot`, yaya za ni rubuta shi da Hausa? Na rubuta *skrinshot*, yaron shagona ya tsaya yana ta kokawa da farkon kalmar kamar mai tuƙa ƙashi.

Hajiya Balki: Ai "hoton allo" ya wadatar, ɗana. Mi ak kai ka ga wahala?

Mai gyaran waya: Hajiya, na gwada. Wani dattijo ya tambaye ni ko allon makarantar allo nika nuhi.

Malamin Hausa, Runjin Sambo: Yaron naka bai yi laifi ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali kamar *ka*, baƙi da dogon wasali kamar *kaa*, sai baƙi da wasali da baƙi kamar *kan*. Babu wadda ke farawa da baƙi biyu a jere, balle uku. Kalmarka kuwa da s, k, r ta fara, ba wasali ko ɗaya a tsakaninsu. Dole harshe ya raba su, ya ba kowane nasa wasalin: si-ki-rin. Ba mu muka fara ba. Haka aka samu *sikeli* da *sitiyari* da *direba*. Mafi kusa da taka ita ce *sukudireba*, don da waɗannan baƙaƙen uku ita ma ta faro. Wasu na cewa *sukurudireba*, amma da tsawon ya yi yawa sai aka jefar da gaɓa guda.

Ɗan jami'a: To me ya sa ba *sukurin* ba kamar *sukudireba*, Malam? Mu dai an koya mana cewa bayan baƙin leɓe *u* ake sakawa, sauran kuma *i*. Burodi, bulo, buroshi, fulawa.

Malamin Hausa: Rabin dokar ka riƙe. *Firamare* da *filanki* fa? Da baƙin leɓe suka fara, kuma *i* suka ɗauka. Sannan *s* ba na leɓe ba ne, amma ga *sukudireba* da *u*. Sau da yawa wasalin da ke gaba shi ke janyo ɗan'uwansa. A *sukudireba* akwai *u* a gaɓar asali, sai na cusawa ya kwaikwaye shi. A kalmarmu *i* ne, shi ya sa *sikirin*. Inda leɓe da wasalin gaba suka ja daban kuwa, sai ka ji baki ya rabu: wani *birki*, wani *burki*.

Abu Mai Caji: Ni tawa matsalar daban ta. Na rubuta "fawa banki", wato `power bank`, ga allon shagona, wani tsoho ya karanta "hwawa", yac ce yaushe mahauta sunka buɗe banki.

Malamin Hausa: Allah shi bar mu da tsohon nan! Abu biyu suka haɗu a kanka. Hausa ba ta da *p* mai zaman kansa, sai ya koma *f*: famfo, fetur, fenti. In *o* na biye yakan zama *h*, kamar *hoda*. Mu kuma nan Sakkwato *fa* ɗin Kano *hwa* ne a bakinmu, *fi* kuma *hi*. Ka ga kalmarka ta faɗa kan sana'ar fawa daram. Irin musanyar ce ta mai da *v* zuwa *b* a *bidiyo* da *talabijin*, da *l* na ƙarshe zuwa *r* a *tebur* da *shebur*.

Mai gyaran waya: Ku dawo kan tawa don Allah. Farko ya zauna. Ƙarshen fa, *shot* ko *shoti*?

Malamin Hausa: Nan kam ba ni da hukunci yankakke. Tsofaffin aro sun fi son rufewa da wasali: kati, kotu, bokiti, tikiti. Amma *kwat* da *kwas* sun daɗe a bakin mutane ba wasali, *intanet* ma haka ta shigo. Ni *sikirinshoti* ta fi kwanta mani, don tana karɓar ɗafi ba gardama: *sikirinshotin kuɗi*.

Ɗan jami'a: Ko mai cewa *sikirinshot* ai *sikirinshot ɗin kuɗi* zai ce, ya wuce. Wallahi ban taɓa jin wani a hostal ya ce *shoti* ba.

Hajiya Balki: Gaɓa biyar don abu guda! Ku rubuta "hoton shaidar biya" ku huta.

Mai gyaran waya: Na rubuta "A turo sikirinshot na shaidar biya". Yaro ya karanta tiryan-tiryan, amma da ya kai ƙarshe *shoti* yac ce.